Darasi: Fassarar Umarnin Jarrabawar Fiziks da Dokokin Ɗakin Gwaje-gwaje

A Nijeriya da Turanci ake rubuta jarrabawar fiziks, a Nijar kuma da Faransanci. Duk da haka malaman ajin manya sukan fassara wa ɗalibansu takardar umarni zuwa Hausa a lokacin shirin jarrabawa, don kada mutum ya san karatunsa amma ya faɗi saboda bai gane abin da aka ce ya yi ba. Dokokin ɗakin gwaje-gwaje ma akan liƙa su a bango da Hausa, domin ba ɗalibai kaɗai ke shiga ɗakin ba. Mai shara na shiga, mai gadi na shiga, mai gyaran wayoyin lantarki ma haka.

Irin wannan fassara tana da ma'auninta. A ɗauki mutum biyu, ɗaya ya karanta takardar asali, ɗaya ya karanta ta Hausa, sannan a zuba musu ido. Idan hannayensu suka yi aiki iri ɗaya, a jere iri ɗaya, da adadi iri ɗaya, fassara ta yi. Idan suka saɓa ko da a wuri ɗaya ne, ma'ana ta sauya, komai daɗin Hausar a kunne. Da wannan ma'auni za mu auna duk abin da ke cikin darasin nan.

Ƙarfin umarni

Kafin ku fassara kowace jimla, ku tambayi kanku wane irin hukunci ta ɗauko. Wanda ya yi karatun fiƙihu ko kaɗan ya san bambancin wajibi da haramun da mustahabbi da halal, kuma ya san malamin da ya mayar da wajibi mustahabbi ya ɓata mas'ala. Takardar umarni ma rabe-raben nan huɗu gare ta: abin da dole a yi, abin da aka hana, abin da aka ba da shawara a kansa, da abin da aka yarda a yi in an so. Hausa tana da kalmar kowanne. Wajibi shi ne "dole a" ko kuma umarni kai tsaye, kamar "a rubuta". Hani shi ne "kada a". Shawara ita ce "ya fi kyau a" ko "ana ba da shawarar a". Izini kuwa "ana iya".

Inda aka fi zamewa shi ne wurin ladabi. Bahaushe ba ya son ya ba dattijo umarni gatsau, sai alƙalami ya ja shi ya rubuta "ya kamata a rubuta lambar jarrabawa a kowace takarda", ko "don Allah a daure a rubuta". A zaure wannan tarbiyya ce. A takardar jarrabawa kuwa ya rage wa umarnin ƙarfi, domin "ya kamata" tana barin ƙofa a buɗe, alhali takardar da ba lamba a kanta ba a san mai ita ba. A rubuta kawai: "A rubuta lambar jarrabawa a kan kowace takardar amsa." Wannan "a" ɗin ta wadatar wajen ladabi, kuma ta raba mu da zaɓi tsakanin "ka" da "ki" a ajin da akwai maza da mata.

Akwai zamewar da ta fi wannan muni. A Turanci ana gina hani mai ƙarfi ne da kalmar wajabci a haɗa ta da kalmar korewa. Mai fassara kalma da kalma sai ya ɗauko "dole", ya ɗauko "ba", ya fito da "ba dole ba ne a buɗe takardar tambayoyi kafin a ba da izini". Ku sake karanta jimlar. Ta ce wanda ya ga dama ya buɗe, ba a dai tilasta masa ba. Hani ya koma izini. Daidai shi ne: "Kada a buɗe takardar tambayoyi sai mai tsaron jarrabawa ya ba da izini."

Izini kuma yakan zo da sharaɗi a wutsiyarsa, kuma sharaɗin nan ne mai gaggawa yake yankewa. Idan asali ya yarda a yi amfani da kalkuleta marar ƙara wadda ba a iya shirya mata aiki a ajiye a cikinta, to "ana iya amfani da kalkuleta" ta faɗaɗa izinin fiye da yadda mai takarda ya bayar. Ɗalibi zai shigo da wadda aka hana, a karɓe ta a bakin ƙofa, laifin kuma na mai fassara ne.

Nawa, daga ina, cikin wane lokaci

Bari mu ɗauki tsarin jarrabawar fiziks ta WAEC, hukumar da aka kafa a 1952 take shirya jarrabawar kammala sakandare a Nijeriya da Ghana da Saliyo da Gambiya da Laberiya. Takarda ta biyu tana da sashe biyu. Sashe na A yana da gajerun tambayoyi 7, a amsa 5, maki 15. Sashe na B yana da dogayen tambayoyi 5, a amsa 3, maki 45. Jimla maki 60, cikin awa ɗaya da rabi.

Ga fassara uku da za ku iya cin karo da su, kowacce Hausa ce mai kyau, kowacce kuma ta kauce. Ta farko ta ce "a amsa tambayoyi biyar na farko", ta ƙwace wa ɗalibi zaɓin da aka ba shi, ko da ta shida ce ya fi sani. Ta biyu ta ce "a amsa aƙalla tambayoyi biyar", wadda ke nuna ƙari ma alheri ne, sai ɗalibi ya ɓata lokaci a kan bakwai ɗin duka. Ta uku ta dunƙule komai ta ce "a amsa tambayoyi takwas". Ita ce ta fi tsada. Wanda ya bi ta yana iya amsa bakwai daga A da ɗaya daga B, ya ga ya cika takwas. Amma Sashe na A ba ya ba da fiye da maki 15, tambaya ɗaya a B kuma maki 15 ce. Ko bai yi kuskure ko ɗaya ba, iyakarsa 30 cikin 60.

Fassarar da ta riƙe ma'ana ita ce: "A amsa tambayoyi 8 gaba ɗaya. A zaɓi 5 da aka ga dama daga cikin 7 na Sashe na A, da 3 da aka ga dama daga cikin 5 na Sashe na B." Ku lura ba mu mayar da A da B "sashen farko" da "sashe na biyu" ba. Ɗalibi zai nemi harafin ne a takardar da ke gabansa, don haka harafin yana nan yadda yake.

Lokaci ma yana da nasa tarko. Takarda ta uku, ta aikin hannu, awa 2¾ ake ba ta. Kada a rubuta 2.45, domin a lissafi awa 2.45 awa biyu ce da minti 27. "Awa uku ba kwata" daidai ne a baki, amma ido mai sauri "awa uku" yake kamawa ya wuce. A rubuta "awa 2 da minti 45". Wanda ke fassarawa daga Faransanci kuma ya tuna cewa a can waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da gutsurenta: 9,8 na Maraɗi shi ne 9.8 na Katsina. A bi tsarin da ɗaliban za su tarar a jarrabawarsu, a kuma tsaya a kansa daga farkon takarda har ƙarshenta. Lambobi, alamomi irin su kg da N da V, da ƙa'idojin lissafi ba a fassara su, ba a kuma gyara su. Idan takarda ta ce a ɗauki g = 10 m s⁻², mai fassara ba shi da hurumin mayar da shi 9.8 don ya san wannan ya fi kusa da gaskiya. Da 10 aka shirya amsoshin da za a duba.

Gwajin lilo, daga farko zuwa ƙarshe

A takardar aikin hannu akan kawo gwajin lilo: ɗan dunƙulen ƙarfe a ɗaure da zare, a rataye shi, a ɗan ja shi gefe a sake. Umarnin yana cewa a auna tsawo, l, a ɗauki lokacin lilo 20, t, a raba da 20 a sami lokacin lilo ɗaya, T. Daga nan ake fitar da g ta wannan ƙa'ida:

g = 4π²l / T²

Mai fassara ya rubuta: "A ƙirga lilo 20, a rubuta lokacin da suka ɗauka." Ba kalmar da ta yi ƙarya a nan, amma jimlar ba ta faɗi abin da ake kira lilo ɗaya ba. A fiziks lilo ɗaya shi ne dunƙulen ya tashi daga gefe, ya kai ɗaya gefen, ya dawo inda ya tashi. Ɗalibin da bai san haka ba zai ƙirga "ɗaya" in ya tafi dama, "biyu" in ya dawo hagu.

Mu bi lissafin mu ga abin da zai faru. Tsawo, l, mita 1.00 ne. Ɗalibar da ta ƙirga kai da komowa a matsayin ɗaya za ta sami kusan daƙiƙa 40.1, ta raba da 20, T ya zama kusan daƙiƙa 2.0, g kuma ya fito kusan 9.8. Ɗalibin da ya ƙirga kowace tafiya daban zai tsayar da agogo a kusan daƙiƙa 20, T ɗinsa ya zama daƙiƙa 1.0. Da yake T ana ninka shi da kansa ne a ƙa'idar, rabin T yana ba da kwata ɗin T², sai g ya ninku sau huɗu, ya fito kusan 39. Agogonsa lafiya lau, lissafinsa ba kuskure, amsarsa kuma ba ta kama hanya ba. Wannan ma alama ce ga malami: idan rabin aji suka kawo g kusa da 39, kada a fara zargin agogo, a koma a duba jimlar da ta gaya musu abin da za su ƙirga.

Gyaran kalmomi kaɗan ne: "A ɗauki lokacin cikakken lilo 20. Kai da komowa shi ne lilo ɗaya." Wani zai ce ai wannan ƙari ne a kan asali. Ba ƙari ba ne, domin kalmar Turancin tana ɗauke da wannan ma'ana a cikinta, "lilo" ta Hausa kuwa ba ta ɗauke da ita sai an faɗa. Abin da zai zama ƙari shi ne mai fassara ya rubuta cewa T zai fito kusan daƙiƙa biyu. Wannan satar amsa ce.

A wannan gwaji akwai wasu wurare biyu da ake tuntuɓe. Tsawon l daga inda aka rataye zaren ne zuwa tsakiyar dunƙulen, don haka "tsawon zare" kaɗai ya gaza, zai bar rabin kaurin dunƙulen a waje. Sai zanen giraf. Idan aka ce "a zana T² a kan l", ba kowa zai san wanne ke tsaye wanne ke kwance ba. Idan T² ne a layin tsaye, gangaren layin zai fito kusan 4.0. Idan aka juya, kusan 0.25. A fayyace: "T² a layin tsaye, l a layin kwance."

Kalmar "nauyi" ma tana buƙatar kulawa, ko da yake maganinta mai sauƙi ne. Fiziks ya raba abu biyu da muke kira da suna ɗaya. Akwai m, yawan abin da ke jikin abu, da kilogiram ake auna shi. Akwai W, ƙarfin da ƙasa ke jan abin da shi, da niyuton ake auna shi, kuma W = mg. Dutse mai kilo 2 yana da W na 20 N idan g = 10 ne. Tambayar da ta ce "a nemo nauyin dutsen" tana da amsa biyu a Hausa, alhali a asali ɗaya gare ta. Ko wace kalma kuka zaɓa wa kowannensu, ku ajiye alamarsa da ma'auninsa a gefenta, ku kuma riƙe kalmar har ƙarshen takarda. Sauya kalma don gudun maimaici ado ne a insha'i, a nan kuwa mai karatu zai ɗauka wani abu ne daban ake nufi.

Wace wuta?

A takardar jarrabawa kuskure maki yake ci. A dokokin bango jiki yake ci, kuma mai karanta su sau da yawa yana cikin firgici ne, ba shi da lokacin tsayawa ya yi tawili.

Muna cewa an kawo wuta, an ɗauke wuta, muna nufin lantarki. Muna kuma cewa wuta ta tashi, muna nufin gobara. A gida ba ma rikicewa, domin halin da ake ciki yana fayyace mana. A ɗakin gwaje-gwajen fiziks kuwa duka biyun suna iya haɗuwa a teburi ɗaya. Dokar asali tana cewa idan na'urar lantarki ta kama da wuta, a fara katse lantarki, kuma kada a zuba ruwa. Mai fassara ya rubuta: "Idan na'ura ta kama, a fara kashe wutar." Mai gadi ya karanta, ya ga hayaƙi, ya ruga ya ɗauko bokiti, domin a saninsa da ruwa ake kashe wuta. Ruwan famfo yana ɗaukar lantarki, soket kuma yana ba da kusan 230 V. Jimlar da aka rubuta don ta tsare shi ita ta tura shi.

Saboda haka a dokokin bango a ajiye "wuta" gefe, a yi amfani da kalmomi biyu da ba sa haɗuwa: "lantarki" da "gobara". Ko "wutar lantarki" ma ba ta tsira ba, domin "kada a zuba wa wutar lantarki ruwa" ana iya fahimtarta ta fuska biyu. Ga yadda dokar za ta tsaya: "Idan gobara ta tashi a na'urar lantarki, a fara katse lantarki daga babban makunni. Kada a zuba ruwa. A yi amfani da abin kashe gobara mai CO₂ ko mai hoda." An bar CO₂ yadda yake domin shi ne rubutun da mutum zai nema a jikin tukunyar.

Ku lura da kalmar "fara". A dokokin tsaro jerin aiki yana cikin ma'ana. Idan lantarki ya kama mutum, a katse lantarki tukuna, sannan a taɓa shi. Wanda ya rubuta "a janye shi, a kuma kashe makunni" ya kawo ayyukan biyu duka, amma mai ceto zai zama na biyu da lantarkin zai kama. Turanci yakan sa aikin farko a ƙarshen jimla, ya ce a yi kaza bayan an yi kaza. A Hausar bango ya fi aminci a jera ayyuka yadda hannu zai yi su, na farko a farko, a ɗaure su da "tukuna" da "sannan".

Dokar asid ma ta jeri ce. A ɗakin fiziks akan sami batir mai ruwa, wanda ke aiki da asid ɗin salfa da aka sirka. Wajen sirkawa, asid ake zubawa cikin ruwa a hankali ana motsawa, ba a zuba ruwa cikin asid. Dalili shi ne haɗuwarsu tana fitar da zafi mai yawa. Asid ɗin ya fi ruwa nauyi sosai, don haka ɗan ruwan da aka zuba a kansa yana tsayawa a sama, ya tafasa nan take, ya fantsamo da asid a fuska. Idan asid ne ke shiga cikin ruwa mai yawa, ruwan yana shanye zafin. Fassarar da ta ce "a haɗa asid da ruwa a hankali" ta zubar da dokar gaba ɗaya, ta bar "a hankali" kawai. Sannan a guji "ruwan batir" a rubuce, domin a bakin mutane wani asid yake nufi da shi, wani kuma tataccen ruwan da ake ƙara wa batir.

Adadi ma ba a sassauta shi. Idan doka ta ce a wanke idon da sinadari ya shiga da ruwa mai gudana na aƙalla minti 15, "a wanke ido sosai" ba ta isa ba, domin sosai ɗin wani minti ɗaya ne. Idan ma'aunin zafi mai zaiba ya fashe, doka ta ce kada a taɓa, kada a share da tsintsiya, a buɗe tagogi, a sanar da malami. Wanda ya taƙaita ta zuwa "a tsaftace wurin" ya miƙa wa mai shara tsintsiyar da za ta warwatsa zaibar ta zama ƙananan ɗigo masu saurin fitar da tururi mai guba. Mai fassara kuma ba ya cusa nasa magani, kamar shafa wa ƙuna mai ko ƙwai. Idan ya ga dokar asali tana da giɓi ko kuskure, ya koma wa wanda ya rubuta ta a gyara can tukuna.

Yadda ake gwada fassara

Akwai gwaji biyu. Na farko, a ba wani da bai taɓa ganin asalin ba ya mayar da Hausar zuwa Turanci, sannan a jera takardun biyu a duba kowane "dole", kowane "kada", kowace lamba. Wannan yana kama abin da aka yar da abin da aka ƙara. Amma ba ya kama kalma mai fuska biyu, domin mai mayarwar in ya san fiziks zai zaɓi fuskar da ta dace ba tare da ya ankara ba.

Na biyu ya fi shi, shi ne na aiki. A kira wanda aka yi takardar dominsa, a ba shi zare da dunƙule da agogo, ko a tsayar da shi gaban makunni da bokiti, a ce: "Malam, karanta wannan ka nuna mini abin da za ka yi." Kada a tambaye shi ko ya gane, domin kunya za ta sa ya ce ya gane. Kada kuma a taimaka masa da baki. Duk inda ya tsaya yana kallonku, ko ya ce "wace wutar ake nufi?", a ja layi a ƙarƙashin jimlar a sake ta, sannan a gwada da wani mutum daban, tun da na farkon ya riga ya san amsa.

Aiki

1. A kowace jimla, ku faɗi abin da mai karatu zai iya yi wanda ba shi ake nufi ba, sannan ku gyara ta: (a) "Ba dole ba ne a ci abinci a ɗakin gwaje-gwaje." (b) "A kashe wuta kafin a fita." (c) "A jona na'ura a soket, a kuma tabbatar hannu a bushe yake."

2. A takardar aikin hannu akwai tambayoyi 3, ana so a amsa 2 da aka ga dama cikin awa 2¾. Ku rubuta wannan umarni da Hausa a jimla biyu.

3. Ɗalibi ya yi gwajin lilo da l = 0.64 m, ya sami t = 16 s a lilo 20. Ku lissafa g ɗinsa da π² = 10, ku faɗi abin da kuke zaton ya ƙirga, sannan ku rubuta jimlar da za ta hana na bayansa yin haka.

4. Ku kwafo dokoki 5 daga bangon ɗakin gwaje-gwaje ko asibiti mafi kusa da ku, ku fassara su, ku gwada su a kan mutum biyu ta hanyar aiki, ku kawo wa aji jimlolin da suka sa su tsayawa.